Takardar tiyatar Umma: a karanta mata ko a ɓoye mata?

Assalamu alaikum Anti. Mahaifiyarmu shekararta 58, malamar Islamiyya ce a unguwarmu. Maƙoƙo ne a wuyanta ya fi shekara 10, amma bana ya fara hana ta kwanciya rigingine, wani lokacin abinci ma sai da ruwa yake wucewa. Likita ya ce za a cire shi gaba ɗaya, ya ba mu takarda shafi biyu da Turanci, ya ce mu karanta kafin ranar aiki. Da na karanta hankalina ya tashi: zubar jini, lalacewar murya, shan magani har ƙarshen rayuwa, har da mutuwa. Yayanmu ya ce kada wanda ya fassara wa Umma, shi zai sa hannu, don in ta ji ba za ta yarda ba. Ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya. Yaya zan yi?

'Yarki daga Tudun Wada, Kaduna

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Umma lafiya, ya saka miki da alheri da kika tsaya kika yi tunani.

Ki karanta mata. Wuyan nata ne, muryar tata ce, kuma da hankalinta. Sai dai karantawa iri biyu ce, kuma ina zaton irin da kika yi wa kanki ita ce ta hana ki barci. Kin bi jerin sunayen haɗura ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya zo miki da nauyi ɗaya, kamar ana kiran sunayen 'yan aji. Na yi shekaru ina aikin nas a ɗakin masu tiyata, na ga yadda irin wannan takarda take sa mutum ya naɗe tabarmarsa ya koma gida, na kuma ga yadda ita dai wannan takardar take kwantar da hankali idan an zauna an warware ta. Bambancin yana ga abin da aka faɗa bayan sunan kowane haɗari.

Duk haɗarin da aka ambata, mara lafiya yana bin sa bashin amsa huɗu. Sau nawa yake faruwa? In ya faru, me mutum zai ji a jikinsa? Yana wucewa ko yana zama? Kuma me za a yi a kai? Takardar da ta rubuta "lalacewar murya" ta yi shiru ba ta yi ƙarya ba, amma ta bar aikin rabi. Bari mu ɗauki takardar Umma mu cike mata sauran.

Mu fara da murya, tunda da ita Umma take aiki. Maƙoƙo kumburi ne na wata tsoka da ke gaban wuya, likitoci suna kiranta tairod. A bayanta, dama da hagu, akwai wata siririyar jijiya da ba ta fi kaurin zaren kaba ba, ita ce take motsa igiyoyin murya a maƙogwaro. Likita yana nemo ta da idonsa ya kauce mata, amma ko jan ta aka yi kaɗan lokacin da ake ɗaga maƙoƙon, takan yi fushi na ɗan lokaci. A cikin mutum 100 da aka yi wa wannan aiki, kamar 5 zuwa 10 muryarsu takan dishe saboda haka, ta dawo cikin makonni ko 'yan watanni. Waɗanda tasu ba ta komawa yadda take kamar 1 ko 2 ne. Ki faɗa mata ɗaya gefen ma, don shi ne mutane suke mantawa: kusan 98 cikin 100 ba sa samun wannan lahani na dindindin. Lissafi ɗaya ne, amma kunne yana buƙatar ya ji shi ta fuska biyu. Kuma kusan kowa yakan tashi da ɗan kaushin maƙoshi na kwana biyu ko uku saboda robar numfashi da ake sakawa lokacin barci. Wannan ba lahanin jijiya ba ne, kada ya firgita ku.

Akwai kuma wata jijiya ta biyu, can sama, wadda takardu da yawa ba sa ma ambata. Idan ta taɓu, mutum yana magana lafiya lau, amma ɗaga murya da jan ta sama suna yi masa wuya, kuma muryar tana saurin gajiya. Ga mai ɗinki a Kasuwar Barci wannan ba wani babban abu ba ne. Ga macen da take tsayawa gaban yara arba'in tana biya musu karatu suna amsawa, babban abu ne. Shi ya sa nake cewa Yayanku, duk da kyakkyawar niyyarsa, ba zai iya auna mata wannan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku gaya wa likita sana'arta da bakinku, ku tambaye shi ko za a duba igiyoyin muryarta da madubi ko ƙaramar kyamara kafin aiki. Ana yin wannan a sashen kunne da hanci da maƙogwaro, kuma a nan Kaduna muna da cibiyar kula da kunne ta ƙasa inda irin waɗannan likitoci suke. Amfaninsa shi ne a san yadda muryar take tun kafin wuƙa ta taɓa, domin wani lokaci maƙoƙon da kansa ya riga ya danne jijiyar.

Sai maganar kalsiyam, wadda na tabbata tana cikin takardar da wata doguwar kalma da kika tsallake. A manne da bayan tairod akwai wasu ƙananan ƙwayoyi guda 4, kowace kamar ƙwayar shinkafa, su suke daidaita sinadarin kalsiyam a jini. Idan aka cire tairod gaba ɗaya sukan gigice. Wannan shi ne ya fi yawan faruwa cikin duk abin da aka lissafa: kamar mutum 20 zuwa 30 cikin 100 kalsiyam ɗinsu yana sauka a kwanakin farko. Yawanci a rana ta ɗaya zuwa ta uku mutum zai ji leɓɓansa da kan yatsunsa suna masa tsiki-tsiki kamar tafiyar kiyashi, in an bari sai yatsu su fara ƙandarewa. Ana ba da ƙwayar kalsiyam, wani lokaci da bitamin D, in ya yi tsanani a ba da ta jijiya, kuma ga mafi yawan mutane abin yana wucewa cikin makonni. 'Yan kaɗan ne cikin 100 suke ci gaba da shan ƙwayar har abada.

A kan wannan ne zan ba ki labarin da ya sa ba na goyon bayan ɓoyewa. A wani asibiti da na yi aiki, an yi wa wata dattijuwa irin wannan aikin, ɗanta ne ya sa hannu, ba wanda ya ce mata komai. An sallame su lafiya. Dare na biyu a gida hannuwanta suka fara tsiki, da asuba yatsun sun lanƙwashe sun ƙi buɗewa. Gida ya rikice, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce shanyewar ɓarin jiki. An yi hayaƙi, an yi tofi, sai bayan azahar aka kawo mana ita tana rawar jiki. Da aka sa mata kalsiyam ta jijiya, ina riƙe da hannunta na ji yatsun suna sakewa ɗaya bayan ɗaya. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, da ma kun san haka za ta faru, shi ne ba ku gaya mini ba?" Na rasa abin da zan ce mata, domin layin yana nan a takardar da ɗanta ya ninke ya sa a aljihu. Tun ranar ban ƙara yarda an tura mara lafiya ɗakin tiyata ba sai na ji daga bakinsa abin da ya fahimta.

Kin ga ke nan wannan takarda ba ta sa hannu kaɗai ba ce. Ita ce take koya wa mara lafiya da mai jinya abin da za su sa wa ido. Babu inda wannan ya fi fitowa kamar maganar zubar jini. A wannan aiki ba yawan jinin da aka rasa ne abin tsoro ba. Wuya wuri ne matsattse, jini kaɗan in ya taru a ƙarƙashin ɗinki zai iya matse hanyar numfashi. Yana faruwa ga kamar 1 ko 2 cikin 100, kuma kusan kullum a cikin awa 24 na farko, galibi ma a awannin farko, lokacin tana kan gadon asibiti. Maganinsa shi ne a buɗe ɗinkin nan take a koma da ita a tsayar da jinin. Idan ke za ki kwana da ita, to ki riƙe wannan: wuya ya fara kumbura ko ya yi tauri, ta ce abu yana shaƙe ta, numfashinta ya fara ƙara, ko ta kasa zama wuri ɗaya, ki tashi ki kira nas a lokacin. Ba a jiran gari ya waye, ba a jin nauyin tashin kowa.

Shan magani har ƙarshen rayuwa kuwa ba haɗari ba ne da ake cewa wataƙila. Idan aka cire tairod duka, tabbas ne. Takarda mai kyau takan raba abin da tabbas zai faru da abin da zai iya faruwa, don kada su cakuɗe a kan mai karatu. Tabo a gindin wuya tabbas ne, yakan dushe cikin watanni ya ɓuya a lanƙwasar fata. Ƙwayar tairoksin ma tabbas ce: ƙarama ce, sau ɗaya a rana, da safe kafin a ci komai, tana maye gurbin sinadarin da tsokar take samarwa. Ana gwada jini bayan kamar mako 6 zuwa 8 a daidaita yawanta, daga nan sai jefi-jefi. Wanda ya daina sha zai fara jin kasala, da sanyi, da kumburin fuska, da nauyin jiki, a hankali yadda ba zai ma gane daga ina abin ya fito ba. To ki faɗa mini, yaya za a ɗora wa mace alkawarin shan ƙwaya kullum har iyakar ranta ba tare da an tambaye ta ba? Wadda aka yi shawara da ita ita ce take riƙe maganinta. Ku kuma tambayi likita dalilin cirewa duka maimakon rabi. Idan kumburin ya kama ɓangarorin biyu, amsar a fili take, amma ya kamata ku ji ta daga bakinsa, domin wanda aka cire wa rabi sau da yawa ba ya buƙatar ƙwayar, kuma matsalar kalsiyam ba ta cika samunsa ba.

Yanzu kalmar da ta fi tsaya miki a rai. Ana rubuta mutuwa a takardar duk wani aiki da za a sa mutum barci, daga ƙarami har babba, kuma daidai ne a rubuta. A da can aikin maƙoƙo abin tsoro ne na gaske: a tsakiyar ƙarni na 19 kusan 40 cikin 100 ba sa tashi. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Theodor Kocher ya gyara yadda ake yin sa har adadin ya sauko ƙasa da 1 cikin 100, aka ba shi kyautar Nobel a 1909. A yau, a manyan asibitocin da suke ƙirga sakamakon aikinsu, abin yana wajen 1 cikin 1000 ko ƙasa da haka. Sai dai duk waɗannan alƙaluma da na ba ki na jama'a ne gaba ɗaya. Na Umma zai iya hawa ko sauka. Maƙoƙon da ya daɗe ya yi girma ya fi wahalar cirewa, kuma a wasu lokuta kaɗan yakan raunana bututun numfashi har a bukaci saka roba a wuya na ɗan lokaci bayan aiki. Hawan jini, ciwon suga da ciwon zuciya su ma suna canza lissafi. Saboda haka tambayar da za ku yi ita ce, "Likita, a jikin Umma, wanne ne cikin waɗannan ya fi damunka?" Kuma ba rashin kunya ba ne a tambaye shi sau nawa yake yin irin wannan aiki a shekara. An daɗe da sanin cewa hannun da ya saba ya fi samun sakamako mai kyau.

Akwai shafin da yawancin takardun nan ba su da shi, kuma rashinsa ne yake sa sikeli ya karkata: me zai faru idan ba a yi aikin ba? Mutum yana karanta haɗuran tiyata sai ya ɗauka zama a gida ba shi da nasa. Alamomin da Umma take ji suna nuna maƙoƙon ya fara matse hanyar iska da ta abinci. Irin wannan ba ya komawa da kansa, kuma ƙwaya ba ta cika rage shi yadda zai saki wuya ba. Yakan ci gaba da girma, wani lokaci ya gangara cikin ƙirji, aikin da za a yi bana cikin natsuwa ya zama na gaggawa bayan wasu shekaru, ga tsufa ya ƙaru. Idan za ki karanta mata haɗarin yi, wajibi ne ki karanta mata haɗarin bari. Ba don ki tura ta ba, don ta ga hanyoyin biyu da idonta.

Kada ki fassara mata kalma da kalma, kuma kada ki fara da mutuwa. Ki bari sai bayan la'asar ta dawo daga makaranta ta huta, ki zauna kusa da ita, ki fara tambayarta me ta fahimta game da aikin da abin da ya fi ba ta tsoro. Sau da yawa tsoron dattawanmu ba ya cikin takardar ma: wata tsoronta kada ta farka ana tsakiyar aiki, wata kuma ta ji an ce wanda aka yanka wa wuya ba ya ƙara magana. Daga nan sai ki bi da ita daga abin da ya fi yawan faruwa zuwa wanda ya fi ƙaranci. Misali ki ce, "Umma, in an yi wa mata 100 wannan aiki, kamar 5 zuwa 10 muryarsu takan dishe na wani lokaci ta dawo. Ɗaya ko biyu tasu ba ta komawa daidai. Sauran duk suna ci gaba da maganarsu." Ki tsaya kan "cikin 100" har ƙarshe, kada ki riƙa sauyawa zuwa kashi kaza ko ɗaya cikin hamsin, sai dai wurin da dole ki ce 1000, nan kuma ki nuna mata cewa ma'aunin ya canza. Ki guji "ba kasafai ba" da "da wuya" su kaɗai, domin abin da ke nufin ɗaya cikin dubu a bakin likita zai iya zama ɗaya cikin biyar a kunnen mai tsoro. In kin gama kowane ɓangare ki ce ta maimaita miki da bakinta, kamar yadda take sa ɗalibanta su biya. Idan ta ce komai na Allah ne, ki ce haka ne, kuma neman sani kafin a yanke shawara ba ya rage tawakkali. Ta fi ki sanin wannan.

Ke ba likita ba ce, kuma bai kamata nauyin bayanin duka ya hau kanki ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta ɗora wa ma'aikacin lafiya ya sanar da mara lafiya halin da yake ciki, hanyoyin maganin da ake da su, amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, da kuma cewa yana da ikon ya ƙi. Ta kuma ce a yi bayanin, iya yadda zai yiwu, da harshen da mutum yake ji, gwargwadon karatunsa. Don haka neman a yi wa Umma bayani da Hausa ba alfarma kuke roƙa ba. Kotun Ƙoli ma, a shari'ar Dakta Okonkwo ta 2001, ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da likita yana ganin kuskure ne. Sa hannun ɗa ko miji ba ya maye gurbin na mace baliga mai hankalinta. Yayanku zai iya sa hannu a matsayin shaida, ita kuma ta sa nata ko ta dangwala yatsa bayan ta fahimta. Ku duba an rubuta sunan aikin daidai, duka ko rabi, kada a sa hannu a kan gurbin da aka bari babu komai. Sa hannun yana nufin ta ji ta yarda a yi, ba ya nufin ta yafe sakaci, kuma tana iya janyewa har zuwa lokacin da za a sa ta barci.

Shi kuwa Yaya, kada ki tunkare shi da doka, ba za ta yi muku amfani a tsakar gida ba. Tsoro ne yake damunsa irin naki, yana gudun kada Umma ta ƙi har abin ya fi haka. Ki same shi shi kaɗai, ki ba shi girmansa, ki ce, "Yaya, in Allah ya sa muryar Umma ta dishe, ta tambaye mu ko mun sani, me za mu ce mata?" Ki nuna masa alƙaluman nan, ina kyautata zaton shi ma sunayen kawai ya gani. Sannan ki roƙe shi ya zama shi ne zai jagorance ku wurin likita kafin ranar aiki, ba da safiyar ranar ba, lokacin an riga an sa mata rigar tiyata kowa yana sauri. Ku rubuta tambayoyinku a takarda tun daga gida. Ku tafi da duk magungunan da take sha a leda ɗaya, har da na gargajiya da asfirin in tana sha, domin wasu suna tsinka jini kuma likita ne zai ce wanne za a dakatar, yaushe. Ku nemi ganin likitan da zai sa ta barci shi ma, don nasa bayanin daban ne.

Zai iya yiwuwa bayan duk wannan Umma ta ce a ba ta mako biyu ta yi istihara, ko ta ce tana son jin ta bakin wani likita a asibitin Barau Dikko ko na Shika. Ku tambayi likitanta ko jinkirin yana da haɗari, in ya ce babu, ku ba ta. Sai dai idan numfashinta ya fara ƙara ko tana zaune, ko shaƙewa ta tashe ta cikin dare, ko muryarta ta canza haka kawai, wannan ba na jiran ranar asibiti ba ne, ku kai ta a ranar.

Ki gaishe mini da ita. Allah ya sa a yi a sa'a, ya mayar da ita gaban ɗalibanta da muryarta.